Yadda Ake Fitar da Kuɗin Yini da na Awa Daga Albashin Wata

A ƙarshen Disambar 2025 na iske kawuna da wani yaronsa suna kai-ruwa-rana a gindin darbejiyar da ke bakin injin gyaran shinkafarsa, a wajen Kura. Yaron ya kama aikin ɗinkin buhu ranar Litinin 15 ga wata, a kan albashin naira 78,000, kwana shida a mako, Juma'a hutu. Kawu ya ƙirga naira 39,000 ya miƙa masa, shi kuwa ya tsuguna ya ƙi karɓa.

"Alhaji, a yi haƙuri, nawa lissafin dubu arba'in da biyar ya ba ni."

"Kai yaro, ran sha biyar ka zo. Rabin wata ai rabin albashi ne. Kuma na raba da talatin na buga da kwanakin da ka yi, haka ya fito."

Da yake ni nake riƙe masa littafi, sai aka ce in raba gardama. Na duba na kowa, ban ga wanda ya yi kuskuren bugawa a waya ba. Matsalar tun daga tushe take: albashin wata ba shi da kuɗin yini guda ɗaya a cikinsa da za a zaro. Sai an zaɓi adadin da za a raba shi da shi, kuma watan da ake rabawa bai tsaya a tsawo ɗaya ba. Da wannan albashi na 78,000 zan yi duk lissafin, kowa sai ya sa nasa a gurbinsa.

Abin da za ka tanada

Kalanda ta shekarar da ake ciki, biro, kalkuletar waya, da amsar tambaya uku: nawa ne albashin, kwana nawa ake aiki a mako, awa nawa ake yi a yini. In akwai kuɗin abinci ko na mota da ake bayarwa daban a ranar da mutum ya zo, ware shi gefe. Wannan tun asali na yini ne, ba ya shiga rabo.

Mataki na farko: tafi shekara kafin ka sauko yini

Watan Bature yana yin kwana 28, 29, 30 ko 31. Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba kwana talatin-talatin ne. Fabrairu 28 ne, sai shekara mai tsalle, kamar 2024 da 2028, ya yi 29. Sauran bakwai ɗin 31 ne. Albashi kuwa bai san da wannan ba, dubu saba'in da takwas ɗin nan ce a Fabrairu, ita ce a Disamba. Abin da ba ya motsi sosai shi ne shekara: wata 12, mako 52 da kwana ɗaya a kai, ko biyu a shekara mai tsalle. Don haka hanya mafi aminci ita ce ka fara haɗa kuɗin shekara, ka sauko mako, sannan yini.

```
78,000 × 12 = 936,000
936,000 ÷ 52 = 18,000
18,000 ÷ 6 = 3,000
```

Kuɗin mako 18,000 ke nan, na yini kuma 3,000. In ka taɓa jin masu biyan albashi suna cewa a raba da ashirin da shida, daga nan ta samo asali. Kwana shida sau mako 52 ya ba da kwana 312 na aiki a shekara, ka raba su gida goma sha biyu, kowane wata ya tashi da 26. Raba 78,000 da 26, 3,000 ɗin dai za ka sake gani. Wannan 26 matsakaici ne, ba lallai watan da kake ciki ya zama kwana 26 na aiki ba, kuma nan gaba za mu ga inda hakan ke cizo.

Akwai rami ɗaya a nan da mutane da yawa ke faɗawa, wato ɗaukar wata a matsayin mako huɗu. Mako huɗu kwana 28 ne, Fabrairu kaɗai ke tsayawa a nan. Mako huɗu sau wata goma sha biyu 48 ne, saura mako huɗu cur sun ɓace. A ce yaron ya roƙi a riƙa ba shi kuɗinsa duk Alhamis, Kawu ya raba 78,000 gida huɗu ya riƙa ba shi 19,500. Kafin shekara ta zagayo ya biya 1,014,000, wato albashin wata goma sha uku, bai sani ba. In kuma aka juya, mai karɓar 18,000 a mako aka ce za a mayar da shi ɗan albashi aka buga sau huɗu, sai a rubuta masa 72,000, a ci masa 6,000 duk wata. Wata mako huɗu ne da sulusi, 4.33 a kalkuleta.

Mataki na biyu: mudun da ka auna da shi, da shi za ka ƙirga

Nan ne gardamar bakin inji ta kwana, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Hanyar kallon wata iri biyu ce. Ta farko ita ce ta kwanakin kalanda, inda kowace rana ake biyanta har da Juma'ar da ba a zo ba. Mai raba albashi da 30 a kan wannan hanya yake, ko ya sani ko bai sani ba. Kuɗin yini ya fito 2,600, ya yi ƙasa ne don an baza kuɗin har a kan ranakun hutu. Ta biyu ita ce ta kwanakin aiki, inda aka tattara kuɗin duka a kan ranakun da ake zuwa, Juma'a ba ta da ko sisi. Raba da 26 ke nan, yini 3,000.

Kowacce a cikinsu tana iya yin adalci. Sharaɗin shi ne, in ka raba da kwanakin kalanda, ka ƙirga kwanakin kalanda. In ka raba da na aiki, ka ƙirga na aiki. Daga 15 zuwa 31 ga Disamba kwana 17 ne a kalanda, idan ka haɗa da ranar da ya fara. A ciki akwai Juma'a biyu, ta 19 da ta 26, saura kwana 15 na aiki. Kawu ya ɗauko 2,600 daga hanyar farko ya buga da 15 daga hanya ta biyu, shi ya ba shi 39,000. Ya saya da babban mudu ya sayar da ƙarami, ba da niyya ba. Da ya tsaya a kan talatin ɗinsa ya ƙirga kwana 17, da 44,200 zai gani.

Gaurayen yana iya faɗawa kan mai inji ma. Ma'aikaci mai wayo zai ɗauki 3,000 ya buga da 17 ya nemi 51,000, alhali Juma'un nan biyu an riga an narkar da kuɗinsu a cikin dubu ukun.

Ga yadda za ka gane an gauraya, ko kai ne mai biya ko mai karɓa. Ɗauki kuɗin yinin da aka faɗa maka, ka buga shi da irin kwanakin da ake ƙirgawa na cikakken wata, kamar mutum bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Ya kamata ya dawo da kai albashin ko dab da shi. 2,600 sau 26 ya ba da 67,600, an rasa 10,400, to akwai gauraye. 3,000 sau 30 ya ba da 90,000, an yi sama da 12,000, nan ma gauraye ne. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma shi na fara yi a gaban Kawu har ya yi shiru.

Shi kuwa zancen "rabin wata rabin albashi" yana da daɗin faɗa, amma Disamba kwana 31 ne, wanda ya fara ran 15 ya bar kwana 14 a baya, 17 na gabansa. Bai yi rabi ba, ya zarce.

Mataki na uku: ɗauko kalanda ka ƙirga watan da kansa

Sai na juya kan yaron, domin nasa 45,000 ɗin ma yana da magana. Ya buga 3,000 sau 15, bai gauraya komai ba. Sai dai Disambar 2025 ta kama ranar Litinin, kwana 31, Juma'a huɗu kacal ta ɗauko: 5, 12, 19 da 26. Kwanakin aikinta 27 ne, ba 26 ba. Sauran yaran da suka yi watan cif sun yi kwana 27 a kan 78,000, wato kowane yini ya tsaya musu a kan 2,889. Shi yana neman a biya shi yininsa 3,000 a watan da abokansa suka sami ƙasa da haka.

Ga abin da ya fi nuna ɓarakar. Da 3,000 ɗin nan za a iya lissafa masa ta hanya biyu. A tara kwanakin da ya yi, 15 sau 3,000, a sami 45,000. Ko a ɗebe waɗanda bai yi ba daga cikakken albashi: daga 1 zuwa 14 ga wata kwana 12 ne na aiki, 36,000 ke nan, a cire daga 78,000, saura 42,000. Mutum ɗaya, wata ɗaya, kuɗin yini ɗaya, amsa biyu da tazarar 3,000. Wannan tazarar ita ce kwana na ashirin da bakwai da matsakaicin 26 bai san da zamansa ba.

A Fabrairu abin juyewa yake yi, kuma ya fi muni. Fabrairun 2026 kwana 28, Juma'a huɗu, kwanakin aiki 24. Wanda ya yi fashin kwana huɗu ya zo ashirin, in aka tara masa zai sami 60,000, in aka ɗebe masa zai sami 66,000. Kai, wanda bai taka wurin ba ko sau ɗaya a watan, hanyar ɗebewa ta ce yana bin 6,000, domin 24 sau 3,000 bai wuce 72,000 ba. A Disamba kuwa wanda ya zo kwana ɗaya ya yi fashin 26, hanyar ɗebewa ta ce ba ya bin komai. Duk lissafin da ya biya wanda bai zo ba ya hana wanda ya zo, ka san an ja shi ya wuce inda yake aiki.

Mai raba da 30 bai tsira ba. In aka tara kwanaki, cikakken Fabrairu zai ba da 72,800, cikakken wata mai 31 ya ba da 80,600. A shekara 2,600 sau 365 ya kai 949,000, ya ɗara albashin da 13,000, kuɗin kwana biyar ɗin da suka rage bayan talatin sau goma sha biyu.

Maganin wannan shi ne a raba da ainihin kwanakin aikin watan. Ka ɗora yatsa a kan kalanda, ka ƙirga kwanakin wata, ka cire ranakun hutu, ka raba albashi da abin da ya rage, ka buga da kwanakin da aka yi.

```
78,000 ÷ 27 × 15 = 43,333
```

Alherin wannan hanya shi ne tarawa da ɗebewa suna haɗuwa a wuri guda. Kwana 12 da bai yi ba sun tashi 34,667, cire su daga 78,000, 43,333 ɗin za ta dawo. Kuma wanda ya yi wata cif albashinsa cif zai ɗauka, kowane wata ne. Aibinta kuma shi ne kuɗin yini ba ya zama wuri ɗaya: 2,889 a Disamba, 3,000 a Janairun 2026 mai Juma'a biyar, 3,250 a Fabrairu. Fashin kwana ɗaya a Fabrairu ya fi na Disamba tsada da naira 361, alhali buhunan da ba a ɗinka ba ɗaya ne. Wahalar bayyana wa ma'aikaci wannan ba ƙarama ba ce, sai ya ga kamar ana sauya masa farashi ne yadda aka ga dama.

Akwai 'yar'uwarta ta kalanda, a raba da 31 a buga da 17, ta ba da 42,774. Ka lura duk hanyoyin da ba a gauraya ba sun faɗa tsakanin 42,000 da 45,000. Ta Kawu ce kaɗai ta fita daga garken.

In dai ni za a tambaya, ga yadda nake yi a littafin inji. Wanda ya kama aiki ko ya bari a tsakiyar wata, ko ya yi dogon fashi da ya kai mako, ina raba masa da ainihin kwanakin aikin watan, domin a nan kuskuren matsakaici ke taruwa ya yi yawa. Fashin kwana ɗaya ko biyu, da zuwa aiki ranar hutu, da ƙarin awa, waɗannan ina bin 26 duk shekara, don kowa ya haddace yininsa 3,000 ne. Wani zai ce hanya biyu a littafi ɗaya neman rigima ne. Yana da gaskiyarsa, in ba a rubuta iyakar ba. In an rubuta cewa daga kwana shida zuwa sama kalanda za a ɗauko, ba na ganin rigima. Abin da ba na yarda da shi shi ne mai biya ya jira ƙarshen wata ya gwada duk hanyoyin a waya, ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙi.

Wata 'yar shawara kan kalkuleta: kada ka dunƙule kuɗin yini kafin ka buga. In ka ce 2,889 ai kusan 2,800 ne, ka buga sau 15, ka ci wa mutum 1,333. Bar lambar yadda ta fito a waya, ka buga, sai a ƙarshe ka cike zuwa hamsin ko ɗari saboda canji. Mu 43,350 muka ba yaron. Ya karɓa da hannu biyu, Kawu kuma ya ɗan yi ƙunƙuni a kan dubu huɗu da 'yan kai da suka ƙaru, ya wuce masallaci.

Mataki na huɗu: sauka zuwa awa

A injin ana farawa ƙarfe takwas a tashi ƙarfe biyar. Awa tara ke nan a wurin, amma akwai awa guda ta azahar da cin abinci, saura takwas na aiki. Raba 3,000 da takwas, awa ta kama 375. In ka fi son ka tafi kai tsaye daga albashi, awa 48 a mako sau 52 a raba da 12 ya ba da awa 208 a wata, 78,000 a raba da 208 kuma 375 ne. Mai ɗaukar wata mako huɗu zai sami awa 192, ya fitar da 406, kuskuren ɗazu ya biyo shi har nan.

Sai an yi magana a kan awar hutun nan tun farko. In aka raba da tara, awa ta sauko 333, kuma duk ƙarin lokacin da za a biya a kan wannan zai yi ƙasa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun awa guda, a dunƙule ko a rarrabe, ga wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini, da kwana guda na hutu a cikin kowane bakwai. Awannin aikin kansu ta bar su ga yarjejeniya. Ta ce abin da ya haura su ƙarin lokaci ne, amma ba ta yanke farashinsa ba. Don haka zancen "ɗaya da rabi" da ake ji daga ma'aikatan kamfani a birni, abu ne da ake shiryawa tsakanin ɓangare biyu. In kun shirya a kan haka, awar obataim a nan za ta zama 375 da rabinta, 562 da kwabo hamsin. In kun shirya a kan awa da awa, 375 ce. Da kaka, lokacin da shanshera ke shigowa mota-mota ana kaiwa isha'i a bakin inji, wannan bambancin kuɗi ne mai kauri.

Inda kwanakin ba su yi daidai da juna ba, kada ka bi ta yini, bi ta mako. A ce ban da kwana shidan nan ana kuma leƙowa Juma'a da safe a yi awa huɗu kafin a tafi masallaci, kuma albashin bai sauya ba. Awannin mako sun zama 52. Raba 18,000 da 52, awa ta koma 346. Kuɗin cikakken yini sai ya zama takwas sau wannan, na Juma'a huɗu sau wannan. Yawancin wuraren aiki na karkara haka suke, akwai ranar kasuwa da ake daɗewa, akwai ranar da ake tashi da wuri, shi ya sa kuɗin mako a raba da awannin mako ya fi kowace hanya dacewa da su.

Mintoci ma suna da tasu ƙaya. Awa biyu da minti talatin ba 2.30 ba ce a kalkuleta, 2.5 ce, domin awa minti sittin ce ba ɗari ba. 375 sau 2.5 ya ba da 937 da kwabo hamsin, sau 2.30 kuwa 862 da kwabo hamsin. Naira saba'in da biyar ce, amma in kullum ana yi har wata ya ƙare ta kusa dubu biyu. Minti 15 shi ne 0.25, minti 45 kuma 0.75. Sauran, raba mintocin da 60.

Mai kwana biyar da mai kwana bakwai

Malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke aiki Litinin zuwa Juma'a, hanyar ɗaya ce, lambobin ne suka sauya. Kwana biyar sau 52 ya ba da 260 a shekara, kusan 21.67 a wata, shi ne wasu ke cikewa su ce 22. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, Jigawa ta tsaya a kan haka, Kano ta sa 71,000. Ɗauki na Kano: sau 12 ya zama 852,000, a raba da 260, yini ya kama 3,277, awa kuma kusan 410 in awa takwas ake yi. A kalanda kuwa kwanakinsa suna yawo tsakanin 20 da 23: Fabrairun 2026 ashirin ne, yini 3,550, Disambar 2025 ashirin da uku, yini 3,087. Dubi abin da wannan ya nuna. Mai 71,000 na kwana biyar ya fi mai 78,000 na kwana shida tsadar yini. Shi ya sa kwatanta albashi da albashi ba tare da an sauko yini ko awa ba yake yaudarar mai neman aiki.

Maigadi ko mai kiwo da ba shi da ranar hutu, shi ne wanda raba da 30 ta dace da shi, domin kwanakin kalanda su ne kwanakin aikinsa. Maigadin da ke karɓar 45,000, darensa 1,500 ne. In daga magariba zuwa wayewar gari yake yi, awa goma sha biyu, awarsa naira 125 ce. Na taɓa nuna wa wani mai sito wannan lamba a lokacin da yake ƙorafin maigadinsa na gyangyaɗi, bai ƙara tayar da zancen ba a gabana.

Wane wata ake nufi

A ƙauye in aka ce "duk wata", sai ka tambaya wanne. Akwai masu biyan mai kiwo ko malamin allo da tsayuwar wata, kuma watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, ba ya kai 31. Shekararsa kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kamar kwana goma sha ɗaya. Wanda ake ba 78,000 duk tsayuwar wata yana cika 936,000 a kwana 354, kwanansa ya kama 2,644. Na kalandar Bature yana cika ta a kwana 365, kwanansa 2,564. Tazarar kwana goma sha ɗayan nan ta kai kusan 29,000 a shekara. Ba laifi a bi kowanne, amma mako 52 da 26 ɗin da muka yi ta amfani da su na shekarar Bature ne. Ga mai bin tsayuwar wata, matsakaicin wata kwana 29 da rabi ne, kwanakin aikin mai hutun Juma'a kuma 25 da ɗan ɗori. Wata wahalar kuma, ba ka sanin ko watan zai cika talatin sai daren da aka duba, don haka rabo da ainihin kwanaki sai wata ya ƙare ake iya yin sa.

Juya lissafin: albashi ko ƙwadago

Bayan kwana biyu yaron ya same ni a shago da wata tambayar.

"Yaya, masu ƙwadago a fadama an ce dubu huɗu suke samu a yini. Ni dubu uku. Ba gara in koma can ba?"

Na ce ya raba 78,000 da 4,000. Ya sami 19.5. Wato sai ya sami aiki kusan kwana ashirin a kowane wata, kwana 234 a shekara, kafin ya kamo abin da yake ɗauka a inji. Lokacin dashe da yanka zai samu har ya ture. Tsakaninsu kuwa shi ya fi ni sanin kwana nawa ake yini a gindin bishiya ana jiran mai gona ya zo neman hannu. In ya ƙiyasta kwana 150 zai samu a shekara, 600,000 ke nan, a raba da 12, daidai yake da albashin 50,000. Sai dai kuma sauran kwanakin nasa ne, yana iya noma gonar gidansu da su, wannan shi zai sa musu farashi ba ni ba.

Abin da ke rubuce a bangon littafin inji yanzu layi biyar ne, kuma duk wanda zai kama aiki ana karanta masa a gaban mutum biyu kafin ya taɓa buhu. Albashi kaza ne a watan Bature. Aiki kwana shida, Juma'a hutu, takwas zuwa biyar da awa guda ta salla da abinci. Fashin da bai kai kwana shida ba da aikin ranar hutu, albashi a raba da 26. Shiga ko fita a tsakiyar wata da fashin kwana shida zuwa sama, a raba da kwanakin aikin watan a kalanda. Ƙarin awa, kuɗin yini a raba da takwas, a biya ɗaya da rabi. Layin ƙarshen nan Kawu ya so a bar shi awa da awa, sai da mai tuƙa injin ya ce in haka ne shi ƙarfe biyar zai riƙa kashe inji ko da mota na jira a waje.